Ba Ke Ake Kira Ba, Alheri

Kafanchan,
Lahadi da la'asar.

Zuwa ga 'yata Alheri,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Kaduna lafiya, ya raba ki da direba mai gaggawa, ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoronsa. Na san sai kin kwashe kayanki kaf za ki gan ta, don a ƙasan akwatin na sa ta, ƙarƙashin ƙullin acca da busasshiyar cittar da mamanki ta cusa miki. Da a ce hannu da hannu na miƙa miki, da ba ki karanta ba, tunda kwana uku ke nan gaisuwa kaɗai ke haɗa mu, ita ma sai kin kalli bango kike yin ta.

Ban ga laifinki ba. Dattijo Markus ya aiko miki sabon akwati mai taya, da waya a kwalinta, da atamfa turmi biyu, ya ce alheri ne na taya murnar samun aiki. Ko kwana kayan ba su yi ba na ɗora su a bayan mashin na mayar masa. Ga shi za ki shiga birni da akwatin ƙarfen auren mamanki, wanda sai an zauna a kansa yake rufuwa. Kin ce na kunyata ki, kin ce ni komai sai na ɓata shi. Maganar ta yi mini zafi, amma na gwammace ki tafi kina fushi da ni a kan ki tafi da wancan akwatin. Bari in gaya miki dalili, domin abin da kika sani game da babanki rabi ne.

Ke kin taso kin ji ana cewa Ayuba sitokipa ba ya karɓar ko lemo. Ba haka na fara ba. Shekarar da aka haife ki aka ba ni makullin siton sashen noma, inda ake ajiye takin gwamnati. Ranar da aka kai ki ɗakin sujada aka yi miki addu'a, Markus ya zo da akuya da doya goma. Lokacin bai zama dattijon ikilisiya ba, ɗan kwangila ne mai tasowa, muna rera waƙa tare a ƙungiyar maza. Ya ce, “Ɗan'uwa, tunda sunanta Alheri, ga alheri ya biyo ta.” Muka yi dariya, muka ci akuya. Da Kirsimati ya kawo shinkafa. Da mamanki ta kwanta asibiti shi ya fara zuwa. Shekara bakwai cur bai taɓa roƙona ko allura ba, ni kuma ban taɓa tambayar kaina me ya sa bai san hanyar gidanmu ba sai da makulli ya shigo aljihuna. Wannan ne kuskurena na farko. Ki riƙe shi, 'yata: wanda zai saye ki ba ranar da yake buƙatarki zai fara ba, tun da wuri yake farawa, kuma da fara'a.

Ke ma aikin sito aka ba ki, don haka ki saurara da kyau. Ana ba ɗan kwangila takardar oda ya kawo kaya kaza. Mota ta zo da webil, wato takardar da ta faɗi abin da aka loda. Sitokipa ya tsaya a sauke a gabansa, ya ƙirga, ya buɗe wasu buhuna ya ga ko irin da aka yi oda ne. Ya shigar a katin sito da babban littafi, sannan ya rubuta shaidar karɓar kaya, mutumin ofishin odita ya zo ya gani ya sa hannu. In babu wannan shaidar, ma'aji ba zai biya ɗan kwangila ko kwabo ba. Kin ga ke nan ƙaramin ma'aikaci mai kujerar katako shi ne ƙofar da manyan kuɗi suke bi.

Damina ɗaya, kina shekara takwas, Markus ya kawo taki. Webil ta ce buhu ɗari shida, na ƙirga ɗari huɗu da hamsin. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗaya motar ce ta lalace a Jere, jibi za ta iso. Ka taimaka ka sa hannu a rufe baucan biyana kafin ƙarshen wata.” Na dubi mutumin da ya tsaya mini a asibiti, bakina ya kasa cewa a'a. Mutumin odita ya zo ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ga buhuna har rufi, ya sa hannu a ƙarƙashin nawa. Motar nan, Alheri, har yau tana Jere. Duk sanda na bi ta can nakan duba gefen titi ko zan gan ta.

Sa hannun minti ɗaya ne, rufe ramin da ya haƙa shi ne aikin. Littafi ya ce akwai buhu ɗari da hamsin da babu su a ƙasa, dole a nuna an raba su. Ga jerin sunayen manoma da aka aiko daga gundumomi. Markus ya kawo ɗan kuɗin rangwamen da manoman ya kamata su biya, aka yanka rasit da sunayensu, shi kuwa gwamnati ta biya shi cikakken farashin takin da bai kawo ba. Saura dangwala yatsa a gaban kowane suna. Ranar Juma'a na rufe ƙofar sito na zauna da tawada. Babban yatsa, manuni, na tsakiya, ina juyawa ina karkatawa don kada su yi kama. Na zama mutum saba'in da biyar kafin a tashi aiki. Da yamma Markus ya ajiye ambulan a ƙarƙashin katin sito ya ce, “Ga ɗan alheri, a sai wa yara sabulu.” Na ɗauka.

A cikin sunayen akwai na Mama Saratu, gwauruwar nan da take share ɗakin sujada ranar Asabar. A takarda ta karɓi buhu biyu. Ita kuwa ranar ta zo da kuɗinta ƙulle a bakin zane, na ce mata taki ya ƙare. Ba ta yi musu ba. Ta ce, “Ba komai, Ayuba ɗana, kai ma ba laifinka. Allah ya kai mu baɗi.” Ta juya ta tafi, hannuna na dama yana cikin aljihu.

Kuskurena na biyu ke nan, kuma shawarar da ke cikinsa gajeriya ce. Kada ki sa hannu a kan abin da idonki bai gani ba, ko da Rabaran ne ya rantse miki yana hanya. In webil ta ce goma kika ƙirga bakwai, rubuta bakwai a jikinta, ki sa kwanan wata, direba ya sa hannu, ki riƙe kwafinki. In oganki ya ce ki yi wani abu da baki, ki rusuna ki ce, “Ranka ya daɗe, a rubuta mini a fayil don kada in manta.” Za ki sha mamakin yawan umarnin da suke mutuwa a nan.

Tawadar ofis ba ta fita da wuri. Na goga da toka, na goga da kananzir, ranar Lahadi na tafi sujada da yatsu masu shuɗi. Kina zaune a gefena a benci na biyu, kina wasa da hannun.

Rabaran Bitrus ne yake tare da mu a shekarun nan. Ba za ki tuna shi sosai ba, gajere ne, muryarsa ba ta da ƙarfi, yana da gonar citta a bayan gidan fasto kamar kowa. Ya karanta nassin ranar, ya rufe, ya cire tabarau. Ya ce, “Yau mashaya burkutu su huta, sun sha wa'azi ya ishe su. Yau da masu bencin gaba nake, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa, mu da muke sa takalmi mai sheƙi.” Aka yi dariya, har da ni.

Sai ya ce, “Akwai kalmar da muka ara daga wurin Allah muka kai ofis, ina so mu dawo masa da ita. Alheri.” Kika ɗago kai da sauri kika ce, “Na'am.” Mamanki ta tsungule ki.

Ya ci gaba. “A nan ɗakin, alheri shi ne abin da Allah ya ba mu ba don mun isa ba, kuma ba ya jiran mu biya. Ranar Litinin kuma, fayil ɗin fanshon tsoho ya ɓace, sai ya yi alheri a gano shi a ƙarƙashin tebur. Ana neman farashi daga kamfani uku, mutum ɗaya ya buga takardu uku da suna uku, ya yi alheri, a ce an yi gasa. A rufa aji da kwano mai laushi kamar takarda, a yi wa mai duba aiki alheri, ya rubuta an gama lafiya. Ku kuma na kasuwa, kada ku yi murmushi. Wanda yake yayyafa wa busasshiyar citta ruwa don ta yi nauyi, da wanda sikelinsa na saye daban na sayarwa daban, duk layi ɗaya kuke. Ba wanda ya ce cin hanci. Kowa alheri yake yi, kowa alheri yake karɓa.”

Duk sanda ya faɗi kalmar sai kin waiga. Ni kuwa na zare hannuna daga naki na tura ƙarƙashin cinyata.

Ya ce, “Makon nan na zaga gonakin mutanenmu. Na ga masara ta yi ja tun ba ta kai gwiwa ba. Masu gonar sun ce taki ya ƙare a sito. Na shiga kasuwa na ga buhu mai tambarin gwamnati a farashi ninki biyu. Ni ban san wanda ya yi ba, ban kuma zo neman suna ba. Amma gwamnatin da kuke cewa kuɗinta ba na kowa ba ne, ga ta can a bencin baya da tsintsiya a hannu. Ga awo mai sauƙi. In an kawo maka kyauta, tambayi kanka, da an karɓe kujerar nan jiya, da yau za a kawo? In amsar a'a ce, ba kai aka ba ba, kujerar aka saya. Ni ma ban fita ba. Na karɓi baiko mai kauri da aka ba ikilisiya, na yi addu'a a kai ban tambayi inda ya fito ba, don ina son a gama rufin nan. Ku yafe mini. Akwai alherin da ba na Allah ba ne, mu daina kiransa da sunan.”

Ba wanda ya ce amin da ƙarfi. Aka yi waƙar rufewa kamar ana jan ta da igiya.

Kina tsammani daga nan na tuba? Ina. Fushi na yi, kuma shi ne kuskurena na uku, wanda ya fi ba ni kunya. Bayan sujada mu biyar, har da Markus, muka bi Rabaran ofishinsa. Ni ne mai baki. Na ce bagadin wa'azi ba wurin siyasa ba ne, na ce albashi ba ya kai mu tsakiyar wata, na ce yana kunyata masu riƙe da ikilisiya. Markus ya ce, “Rabaran, kwangilar nan kafin ta iso hannuna an gutsure ta sau uku a sama. In na kawo kaya cikakke, gidana zan sayar.” Gaskiya ya faɗa, haka abin yake tafiya, na sama ya ci, ɗan kwangila ya rage kaya, na ƙasa ya rufe da sa hannu. Rabaran ya saurare mu har ƙarshe. Ya ce, “Na ji, kuma na san da wuya. Amma duk wanda aka gutsura ya gutsuri na ƙasa da shi, ita ta ƙarshen wa za ta gutsura?” Sannan ya dubi hannuna ya ce, “Ɗan'uwa Ayuba, ruwan lemon tsami yana fitar da ita.”

Don haka in wata rana magana ta soke ki kika ji kina neman laifin mai maganar, ki dakata ki duba inda ta taɓa. Ni ranar na fi kowa iya kawo hujja, kuma na fi kowa sanin abin da na yi.

Ke ce kika gama da ni. Na dawo gida na tarar kin ƙi cin abinci, kina kuka a bayan ɗaki. Na ɗauke ki na ce me ya faru. Kika ce, “Rabaran ya ce akwai Alherin da ba ta Allah ba. Baba, ni ce?” Na ce ba ke ba ce, ke ta Allah ce tun daga gashinki har farcenki. Kika share hanci da rigata kika ce, “To wace ce?” Ni na zaɓa miki sunan nan da bakina, don mun yi shekara biyar muna jira kafin ki zo, ga shi na ɗauke shi na liƙa wa ambulan. Na zauna riƙe da ke har kika yi barci, kunya da baƙin ciki sun cika ni.

Ba zan yi miki ƙarya in ce na zama jarumi ba. Ban je na tona kaina a ofis ba, tsoron kurkuku da tsoron barinku ba abinci sun hana ni, kuma har yau ban tabbata na yi daidai ba. Abin da na iya shi ne na sayar da kekena, na haɗa da abin da ke cikin ambulan, na sayi taki a kasuwa na bi waɗanda na sani a jerin. Bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma lokacin zuba shi ya kusa wucewa. Na kai wa Mama Saratu buhu biyu, na durƙusa na gaya mata komai. Ta ce, “Ashe kai ne ka sa hannuna. To tashi, ƙasa tana da sanyi. Na yafe.” Cittarta ta shekarar ba ta yi ba, yafewa ba ta mayar da damina baya. Ta sayar da akuyoyinta kafin ta kai wata kaka.

Da damina ta zagayo, Markus ya sake zuwa da mota ɗaya da labarin ta biyu. Na rubuta abin da na ƙirga a jikin webil. Ya ce, “Ayuba, ni ne fa.” Na ce, “Na sani, ɗan'uwa, shi ya sa abin yake mini wuya.” Wata biyu bayan haka aka ɗauke ni daga babban sito aka tura ni wani ƙaramin sito can cikin ƙauye bayan Samaru Kataf, inda abin ƙirgawa bai wuce fartanya da maganin feshi ba. Shi ya sa aka cire ki daga makarantar kuɗi, shi ya sa kika yi shekaru kina ganina Asabar da Lahadi kawai. Na yi ritaya a matakin da yaran da na koya wa aiki suka wuce tun tuni. Ina gaya miki ne don kada ki ɗauka riƙon gaskiya yana zuwa da tafi. Yana da tsada, ku ma kun biya tare da ni ba tare da an tambaye ku ba, kuma ina neman gafararki a kan wannan.

Abin da ya riƙe ni a shekarun nan mutum biyu ne. Mamanki, wadda ta koma soya ƙosai ba ta taɓa yi mini gori ba, sai dai tsokana, wai ta auri sitokipan da ko bera ba ya ƙiba a sitonsa. Sai Alhaji Idi mai sayen citta, wanda ya ƙi ajiye buhu mai tambarin gwamnati a shagonsa. Duk ranar kasuwa yakan ba ni benci ya ce, “Zauna, Malam Ayuba, mu da ba mu iya lissafin zamani ba.” Ki nemi irinsu a inda za ki, ko mutum ɗaya ne, ko ba addininku ɗaya ba. Mai ƙin karɓa in ya zauna shi kaɗai, ba a jimawa yake fara jin kamar shi ne wawa.

Yanzu mu dawo kan akwati. Ban ce Markus mugu ne ba, ya tsufa, yana ƙaunarki da gaske, mai yiwuwa ma shi kansa bai san inda kyauta ta ƙare ciniki ya fara ba. Amma kin gama sakandare bai aiko komai ba, kin gama kwaleji bai aiko komai ba. Sai da aka ji sito aka ba ki, kuma ɗansa Filibus yana kai kaya ma'aikatun gwamnati a Kaduna. Wata rana zai tsaya a gabanki da webil, ya ce ɗaya motar tana hanya, wayar babansa tana cikin jakarki. Na san nauyin da bakin mutum yake yi a ranar. Ba na so ki san shi.

Da na mayar da kayan ban yi masa rashin kunya ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce mun gode, amma yarinya za ta riƙe makulli. Ya ce, “Har yanzu wa'azin Bitrus?” Na ce har yanzu. Ke ma haka za ki riƙa yi, da ladabi da murmushi, ba sai kin yi wa kowa wa'azi ba. Kada kuma ki zama mai tsami irina, wanda har lemon biki yake tambaya wa ya saya. In abokiyarki ta ba ki zane don tana ƙaunarki, karɓi ki yi rawa da shi. Awon Rabaran ya isa.

Akwatin mamanki mummuna ne, na yarda, na ma ɗan shafa wa maƙallansa man ja don ya rage kuka. Amma duk abin da ke cikinsa naki ne, ba wanda zai zo wata rana ya tuna miki da shi. In albashinki na farko ya fito, sayi mai taya, ja ko shuɗi, ki ja shi tun daga tasha har ƙofar gidan nan, ni zan fito in karɓe ki in yi ta fahariya.

A ofis za ki ji sunanki a bakin mutane sau da yawa. Za a sassauta murya, a turo ambulan ƙarƙashin takarda, a ce, “Ga alheri.” Kina yarinya kin amsa na'am, ba ki sani ba. Yanzu kin sani. Kada ki waiga, 'yata, ba ke ake kira ba.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare hannunki na dama, ya ba ki barci mai daɗi a ɗakin haya. Mamanki tana gaishe ki, ta ce ki juye accar a roba mai murfi saboda ƙwari. In fushin ya sauka ki kira ni, in bai sauka ba ma ki kira, in ji muryarki ko faɗa ne.

Ni ne babanki mai ƙaunarki,
Ayuba.